Kashi 24 da ake lissafawa wata uku-uku da kashi 25.5 na shekara: yadda ake kai su ma'auni ɗaya

"Malam, barka da aiki. Ni ne nake riƙe wa kawuna littafin shago a Kantin Kwari. Yana neman bashin naira miliyan ɗaya na shekara guda, a biya gaba ɗaya a ƙarshe. Wuri ɗaya sun ce kashi 24 cikin ɗari a shekara, amma duk wata uku za su lissafa ruwan su ɗora a kan uwar kuɗin. Ɗaya wurin sun ce kashi 25.5 ne a shekara, shi ke nan. Na raba 25.5 gida huɗu na sami 6.375, ya fi 6 na wancan, sai na ce wa kawu na farkon ya fi sauƙi. Na yi daidai?"

Ƙanena, barka kadai. A yadda ka kawo maganar, ba ka yi daidai ba: na biyun ne ya fi sauƙi, da tazarar naira 7,477. Amma kada ka yi saurin komawa wurin kawu, don tazarar ba ta da yawa, kuma akwai abu ɗaya a cikin takardun da zai iya juyar da ita. Za mu zo kansa.

Tun da a Kwari kake, ka san idan wani ya faɗa maka kuɗin yadi, wani kuma ya faɗa maka kuɗin mita, ba za ka ce wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ne mai araha ba. Yadi bai kai mita ba, santimita 91.44 ne. Sai ka mayar da su ma'auni ɗaya tukuna. To 24 ɗin nan da 25.5 ɗin nan haka suke. Dukkansu an ce "a shekara", amma ba da ma'auni ɗaya aka auna su ba. Na farkon ni nakan kira shi ruwan suna idan ina koyarwa, domin suna ne kawai, ba shi za ka biya ba. Ruwan wata uku ne aka ninka sau huɗu don a sami lambar da za a rubuta a takarda. Na biyun kuma ruwan zahiri, wato abin da zai hau kan kuɗin da gaske idan shekara ta zagayo.

Hukuncin kuɗin ruwa kuwa ba fagena ba ne, ni akanta ne, wannan na malamai ne kuma Kano ba ta rasa su ba. Lissafin dai yana yi wa kowa aiki. Wanda yake juya ribarsa cikin jari duk wata uku, da wanda yake bin yadda farashin atamfa ke hawa, da wannan hanyar za su auna.

Daga ruwan suna zuwa na zahiri

Bari mu bi kuɗin da kansu kafin mu taɓa wata fomula. Zan riƙa kiran wata uku da zango, shekara tana da zango huɗu ke nan. Kashi 24 a raba gida huɗu, kashi 6 ne a kowane zango. A nan rabawar halas ce, domin da ma da ninkawa aka gina lambar.

A ƙarshen zango na farko ruwan miliyan ɗaya naira 60,000 ne, bashi ya zama 1,060,000. A zango na biyu ba kashi 6 na miliyan ɗaya za a ɗauka ba, na 1,060,000 za a ɗauka, wato 63,600, bashi ya koma 1,123,600. Zango na uku ya ƙara 67,416, ya zama 1,191,016. Na huɗu ya ƙara 71,461, aka tsaya a 1,262,477 idan mun cike 'yan kwabban da suka rage. Kawu ya karɓi miliyan ɗaya, zai mayar da ƙarin 262,477. Wannan kashi 26.25 ne cikin ɗari, ba 24 ba. Wancan wurin kuma 255,000 za su ɗora. Ka ga inda 7,477 ta fito.

Ɗora kashi 6 a kan kuɗi daidai yake da ninka su da 1.06. Yin haka sau huɗu shi ne duk abin da fomular ke cewa:

```
e = (1 + r/4)^4 - 1
e = (1 + 0.24/4)^4 - 1 = 1.06^4 - 1 = 0.26247696
```

A nan r shi ne ruwan suna, e kuma na zahiri, kuma ana rubuta su da ɗigo, 0.24 maimakon 24.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne asalin rarar nan ta 22,477 da ta hau kan 240,000, domin wanda ya gane ta ba ya sake buƙatar hadda. Bahaushe ya riga ya ba mu kalmar da ya ce uwar kuɗi. Uwa ta haifi 'ya'ya huɗu, kowanne 60,000, ɗaya a ƙarshen kowane zango. Ɗan fari ya zauna a cikin bashin har zango uku, kuma a kowane zango shi ma yana haifar kashi 6 nasa, wato 3,600. Na biyu ya sami zango biyu, na uku ya sami ɗaya, auta kuwa ranar biya aka haife shi, bai haifi komai ba. Uku da biyu da ɗaya shida ke nan. 3,600 sau shida ya ba da 21,600. Waɗannan su ne jikoki, kuma su ne kusan duk rarar. Ragowar 877 ta tattaɓa-kunne ce da abin da ya biyo bayansu.

Daga nan za ka iya ƙiyasta rarar da ka, kana tsaye a gaban ma'aikacin banki. Ka ninka ruwan zango da kansa, sannan sau shida: 0.06 sau 0.06 sau shida ya ba da 0.0216, wato 21,600 ɗin nan a miliyan ɗaya. Kuma za ka lura rarar ba a hankali take girma ba. Idan ruwan suna kashi 8 ne, na zahiri 8.24 ne, abin da ba zai hana kowa barci ba. A kashi 12 ya zama 12.55. A 24 mun ga 26.25. A kashi 40 kuwa sai ya haura zuwa 46.41. Duk lokacin da ruwan ya ninka biyu, rarar takan ninka kusan huɗu. Shi ya sa littattafan da aka rubuta a ƙasashen da ruwa ba ya wuce kashi 4 ko 5 sukan wuce wannan babi da sauri, mu kuwa da bashin kasuwanci ke haura kashi 20 ba mu da wannan damar.

Komawa baya, inda ka yi tuntuɓe

Kashi 25.5 ba a gina shi da ninka wani abu sau huɗu ba, don haka raba shi gida huɗu ba zai dawo da kai ko'ina ba. A cikinsa an riga an haɗa 'ya'ya da jikoki. Da ka raba ka sami 6.375, sannan ka kwatanta shi da 6 ɗin da ake ɗorawa duk zango, kamar ka ce 6.375 ɗin ma za a riƙa ɗora shi yana haihuwa. Gwada ka gani: 1.06375 a ninka shi da kansa sau huɗu zai ba ka 1.2804. Ka mayar da bashin kashi 25.5 ya zama na kashi 28.04, ka lissafa jikokin sau biyu. Ba mamaki ya yi maka tsada.

Tambayar da ta dace ita ce: wace lamba ce idan aka ninka ta da kanta sau huɗu za ta ba da 1.255? Ba ka buƙatar kalkuleta mai tsada. Kowace mai maɓallin √ ta isa, kuma a wayoyi da yawa idan ka kwantar da wayar maɓallin zai bayyana. Rubuta 1.255 ka danna √ sau ɗaya, za ka ga 1.120268. Wannan shi ne girman bashin a wata shida, domin wata shida sau biyu ne shekara. Sake dannawa, za ka ga 1.058427, girman bashin a zango ɗaya. Cire 1, saura 0.058427, wato kashi 5.8427 a kowane zango. Wannan ce lambar da za ka ajiye kusa da 6, kuma ka ga ba ta kai ta ba. Idan kana son ta da irin sunan da wurin farko suka yi amfani da shi, sai ka ninka sau huɗu, ka sami kashi 23.37.

```
r = 4 * ((1 + e)^(1/4) - 1)
r = 4 * (1.255^(1/4) - 1) = 0.233708
```

Yanzu kana da hanya biyu ta kwatantawa kuma duk amsa ɗaya suke bayarwa. A ma'aunin zahiri, 26.25 ne da 25.5. A ma'aunin suna, 24 ne da 23.37. Abin da ba a yi shi ne ɗauko ɗaya daga nan ɗaya daga can. Ni dai na fi son a kai komai ma'aunin zahiri, domin shi ne ake iya faɗa wa mutum irin kawu da naira: a kowace dubu ɗari za ka ƙara kaza. Komawa baya yana da amfani ne idan kai ne za ka rubuta jadawalin zango-zango a littafi.

A nan ne na taɓa ganin abin ya haddasa rigima. Wata ƙungiyar ma'aikata a nan cikin gari ta kira ni in duba mata littafi. A taronsu sun amince cewa wanda ya ci bashi zai ƙara kashi 20 a shekara. Sakataren, mutumin kirki ne ba da wata manufa ba, sai ya riƙa ɗora kashi 5 duk wata uku a kan abin da ya taru. Wani da ya karɓi 500,000 yana jiran a ce masa 600,000, sai aka miƙa masa takardar 607,753. Ya ce an cuce shi, sakatare ya ce ai biyar sau huɗu ashirin ne. Kowa da gaskiyarsa a baki, amma abin da aka ɗora kashi 21.55 ne. Da sakataren ya danna √ sau biyu a kan 1.2 da ya sami kashi 4.66 a zango, kuma da lissafin ya sauka a 600,000. Sai da aka bi sunayen masu bashi ɗaya bayan ɗaya aka mayar wa kowa rararsa.

Idan a kwamfuta kake aikin, Excel yana da fomulolin nan biyu a shirye, kuma sunayensu su ne kalmomin Turancin da za ka nema a takardar banki don ka san wane iri aka ba ka:

```
=EFFECT(0.24,4)
=NOMINAL(0.255,4)
```

Na farko zai ba ka 0.262477, na biyu 0.233708. Kurakurai uku nake yawan gani a nan. Ɗaya, mutum ya rubuta 24 maimakon 0.24, sai ya ga 2400 ya rasa gane kanta. Biyu, ya rubuta fomular da hannu ya manta baka, ya sa `1.255^1/4` a maimakon `1.255^(1/4)`. Na'ura za ta ɗauka rabawa kake nufi ta ba ka 0.31375. Uku, yanke lamba da wuri. Idan ka mayar da 5.8427 ta zama 5.84 kafin ka ninka, za ka ƙare a 1,254,872, ka ɓatar da naira 128. A miliyan ɗaya ba komai ba ne, a miliyan ɗari kuwa ta kusa 13,000, kuma mai binciken littafi zai tambaye ka inda ta shiga. Ka bar lambobi shida bayan ɗigo har sai ka gama.

Gane kuskure ba wuya. Ruwan zahiri kullum yana sama da na suna, don haka in ka juya gaba ka sami ƙasa da 24, ko ka juya baya ka sami sama da 25.5, ka san ka kauce. Sannan duk amsar da ka samu ka mayar da ita ta ɗaya hanyar. Ninka 1.058427 da kansa sau huɗu, dole ka dawo 1.255.

Abin da fomular ba ta gani

Duk abin da muka yi ya tsaya ne a kan sharaɗin da ka faɗa, cewa ba a biyan komai sai ƙarshen shekara, kuma kawu zai karɓi miliyan ɗinsa cif. Ban ga takardun ba, kai ne za ka duba.

Fara da kuɗin da ake cirewa tun a bakin ƙofa, ko an kira shi kuɗin gudanarwa ko na inshora ko na cike takarda. A ce wuri na biyu suna cire kashi 1 kafin su saki kuɗin. Abin da zai shiga asusun kawu 990,000 ne, amma 1,255,000 zai mayar. Raba na biyun da na farkon ka sami 1.2677, wato kashi 26.77. Ga shi ya haura 26.25, na farkon ya koma shi ne mai sauƙi, in dai su ba sa cire nasu. Shi ya sa na ce kada ka yi sauri. Tazarar 7,477 ce kawai, duk wani caji da ya kai dubu takwas ya share ta. Hanyar da ba ta kuskure a bashin da ake biya sau ɗaya ita ce wannan rabawar: abin da zai fita daga hannunka a ƙarshe, a kan abin da ya shigo hannunka a farko.

Sai lambar 4 ɗin kanta. Ka tabbata a rubuce take, ba a baki kawai aka faɗa ba. Idan wata-wata suke ɗorawa, 24 ɗin nan kashi 2 ne sau goma sha biyu, kuma zahirinsa 26.82 ne. Fomular ba ta canza ba, 12 ce za ta maye gurbin 4 a ko'ina, sai dai dabarar danna √ sau biyu ta zango huɗu ce kaɗai. Wani ɗalibi ya taɓa tambayata ko idan ana ɗorawa kullum bashin zai tashi ba iyaka. Ba zai tashi ba. Jacob Bernoulli, masanin lissafi na birnin Basel, ya bi wannan tambayar a 1683 ya ga akwai rufi. A kashi 24, ko da kowane daƙiƙa ake ɗorawa, ba zai wuce 27.12 ba. Babban tsallen yana tsakanin sau ɗaya da sau huɗu ne, abin da ya biyo baya ƙanana ne.

Akwai kuma ƙaramin bambanci da za ka gani a takardar banki wanda ba kuskure ba ne. Bankuna kan lissafa da kwanaki, kuma zangunan shekara ba su yi daidai ba: Janairu zuwa Maris kwana 90 ne in ba shekara mai tsalle ba, Afrilu zuwa Yuni 91, sauran biyun 92 kowanne. Don haka ruwan zangon farko zai iya zuwa 59,178 a maimakon 60,000, na baya su cike giɓin. A ƙarshen shekara bambancin bai taka kara ya karya ba.

Wanda ya fi waɗannan nauyi shi ne idan wurin farko suka yarda kawu ya riƙa biyan ruwan duk wata uku, a maimakon a ɗora masa. A nan uwar kuɗi ba ta motsawa daga miliyan ɗaya, jikoki ba sa samuwa, jimillar abin da zai biya 240,000 ne. A ido ya fi 255,000 sauƙi da dubu goma sha biyar. Mutane da yawa nan suke tsayawa, har da wasu da suka karanta akanta. Amma 60,000 ɗin farko ta bar shago tun wata na uku, alhali a ɗaya wurin da tana nan tana sayen kaya har wata tara. Ta biyu ta yi asarar wata shida, ta uku wata uku. Ka ga uku da biyu da ɗayan nan sun dawo, sai dai yanzu a aljihun kawu ake lissafa su. A wurin mai ba da bashin ruwan zahirin yana nan a 26.25, domin yana iya sake ba wani kuɗin da ya karɓa da wuri. A wurin kawu kuwa amsar ta dogara da abin da kuɗi ke samarwa a shagonsa. Na lissafa inda biyun suke yin kunnen doki, ya faɗo wajen kashi 4 a zango. Idan naira ɗari a shagon tana kawo ribar da ta wuce naira huɗu a wata uku bayan an cire haya da kuɗin yara da sauran ɗawainiya, gara ya riƙe kuɗinsa ya biya 255,000 a ƙarshe. Idan kuɗin ajiye za su zauna, ko kasuwa ta yi sanyi kamar yadda takan yi bayan Sallah, biyan zango-zango ya fi masa. Kai da ke riƙe da littafin ka fi ni sanin wanne ne.

Wannan fomular kuma ba ta aiki kai tsaye a bashin da ake biyan uwa da ruwa kaɗan-kaɗan amma ana lissafa ruwan a kan cikakken kuɗin farko har ƙarshe. Irin wannan tsadarsa ta fi abin da aka rubuta nesa ba kusa ba, kuma lissafinsa daban ne. In ka ga an ce a biya kaza duk wata ko duk zango har da uwar kuɗi, kada ka sa lambar a cikin `EFFECT` ka ɗauka ka gama.

Haka nan idan kawu yana tunanin zai iya biya kafin shekara ta cika, misali a wata shida. A wurin farko lissafin a fili yake, 1,123,600. A wuri na biyu, in da gaske ruwan zahiri suke nufi, 1,120,268 ne, lambar nan da ka gani da ka danna √ sau ɗaya. Amma wasu za su raba 25.5 biyu su ce 1,127,500, kuma idan haka yarjejeniyar ta ce, haka za a biya. Bambancin ya haura dubu bakwai, kuma ya sake juyar da wanda ya fi sauƙi.

Don haka ka koma wuraren biyu ka nemi kowannensu ya rubuta maka lambobi uku da naira, ba da kaso ba: nawa ne zai shiga asusun kawu ranar farko, nawa zai biya idan ya kai wata goma sha biyu, nawa kuma idan ya biya a wata shida. Ka raba ta biyu da ta farko ka cire 1, ka ajiye amsoshin biyu gefe da gefe. Idan na wurin farko ya wuce 0.2625, ko na biyu ya wuce 0.255, akwai wani caji a ciki da ba a faɗa maka ba, sai ka tambaye su sunansa.